Data Na Nan, Amma Shafi Ya Ƙi Buɗuwa: Yadda Ake Gane Matsalar DNS Kafin A Kashe Kuɗi

Darasin wannan fitowa na iyalan da ke zaune a Tamale ne, a Zango da sauran unguwanni, da kuma 'yan'uwanmu na Tarikom da Zini waɗanda wannan takarda ke isa hannunsu. Zancen yau a kan wata cuta ce ta waya wadda ake yawan yi wa mummunar fahimta. Mutum ya saye data, sandunan sabis a cike, amma da ya rubuta sunan shafi sai wayar ta ce ba ta same shi ba.

Wanda bai san dalili ba yakan ƙara sayen data, ko ya biya kuɗin mota zuwa wajen mai gyara, ko ya yarda a yi wa wayar filashin. Wannan na ƙarshe shi ya fi ciwo, domin filashin yana share hotunan takardun rajista, da lambobin dangi da ke can gida, da saƙonnin da ba za a sake samunsu ba. Alhali sau da yawa wayar lafiyarta ƙalau, hanyar intanet ma a buɗe take. Abu ɗaya ne ya tsaya, ana kiransa DNS, kuma ana iya gane shi cikin minti biyu ba tare da an biya ko kwabo ba.

Suna daban, lamba daban

Ku duba jerin mutanen da ke cikin wayarku. Kuna danna "Inna" ko "Yaya Babba", amma ba sunan wayar take kira ba, lambar da ke ɓoye a bayansa take bugawa. Idan jerin sunayen ya ɓace, layin bai mutu ba. Wanda ya haddace lambar zai buga, ta shiga.

Haka intanet take. Kowace na'ura da ke ɗauke da shafuka tana da lamba, irin 1.1.1.1 ko 8.8.8.8. Sunaye irin `help.unhcr.org` don mutane aka yi su, saboda ba mai iya haddace lambobin duniya. Bambancin shi ne, jerin sunayen shafuka ba a cikin wayarku yake ba. Akwai wata na'ura a waje mai aikin amsa tambaya. A nan za mu riƙa kiranta mai fassara. Duk lokacin da kuka rubuta suna, wayar takan fara tambayar mai fassara: wace lamba ce ta wannan suna? Sai ta samu amsa sannan ta kama hanya. Wannan tsari na tambaya da amsa shi ne DNS, ana furta shi di-en-es.

Wa ke zaɓa wa wayarku mai fassara? A bisa al'ada, kamfanin layi ne, wato MTN ko Telecel ko AT, yake ba ta adireshin nasa da zarar data ta kunnu. Idan a kan waifai kuke, akwatin da ke raba intanet ɗin ne yake ba ta. Amma mutum yana iya shiga saitin waya ya canza shi da hannu, kuma daga nan ne yawancin rikicin wayoyin hannu ke fitowa.

Akwai wani hali na wannan cuta da ke ruɗa mutane. Waya takan riƙe amsar da ta samu na ɗan lokaci, daga daƙiƙoƙi zuwa awanni, gwargwadon yadda mai shafin ya tsara. Saboda haka idan mai fassara ya yi shiru, komai ba ya mutuwa lokaci guda. Shafin da kuka buɗe ɗazu yana iya sake buɗuwa, sabon shafi kuma ya ƙi. Saƙon WhatsApp yana iya ci gaba da tafiya na wani lokaci, domin haɗin da ya riga ya ƙulla bai yanke ba. Idan kuka ga wasu abubuwa na aiki, wasu na mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ku fara zargin mai fassara.

Gwaji na farko: karanta abin da wayar ta rubuta

Idan shafi ya ƙi buɗuwa a Chrome, kada ku rufe da sauri. A ƙasan babban rubutun akwai wani ƙaramin layi da manyan baƙaƙe. Ko wayar tana Turanci ko tana Faransanci, wannan layi ba ya canzawa. Ko ba ku iya karanta shi duka ba, ku kwatanta shi da waɗannan:

```
ERR_NAME_NOT_RESOLVED
DNS_PROBE_FINISHED_BAD_CONFIG
DNS_PROBE_FINISHED_NXDOMAIN
```

Na farko yana nufin ba a iya mayar da sunan lamba ba. Na biyu yana nufin saitin mai fassara ne ke da matsala. Na ukun yana nufin an ce babu wannan suna. Shi na ukun yakan fito idan an yi kuskuren harafi ɗaya wajen rubutu, don haka ku sake duba abin da kuka rubuta, sannan ku gwada wani shafi sananne kamar `google.com`. Idan shi ya buɗu, ba cutar da muke magana ba ce, sunan farko ne ke da kuskure ko shafin ne ya rufe.

In kuwa kuka ga `ERR_INTERNET_DISCONNECTED`, wannan wani zance ne daban. Wayar ba ta haɗe da komai: ko data a kashe, ko waifai ya yanke.

Gwaji na biyu: buga lamba maimakon suna

Wannan shi ne gwajin da ke raba gardama. A wurin da ake rubuta adireshi a saman Chrome, ku rubuta wannan daidai yadda yake, ba tazara:

```
https://1.1.1.1/cdn-cgi/trace
```

Lambar ta wani kamfani ce mai suna Cloudflare. Da yake lamba kuka ba wayar, ba ta buƙatar tambayar kowa, kai tsaye za ta tafi. Idan hanya a buɗe take, za ku ga 'yan layuka na rubutu zalla, babu hoto. Cikinsu akwai mai farawa da `ip=` da kuma `loc=GH`, wanda ke nuna cewa daga Ghana kuke. Datar da wannan gwaji ke ci ba ta kai ta ƙaramin hoto ɗaya ba.

Me ya sa muka ƙara dogon rubutu bayan lambar? Domin idan kuka buga lambar ita kaɗai, na'urar can takan tura ku zuwa wani shafi mai suna, shi kuma sunan ya ƙi buɗuwa, ku zaci lambar ce ta ƙi. In hakan ta faru, ku dubi saman allo. Idan lambar da kuka rubuta ta rikiɗe ta zama suna da kanta, to ta amsa ke nan, tunda wani ne daga can ya turo wa wayar sunan.

Yanzu ga yadda ake karanta sakamako. Idan lamba ta amsa amma sunaye biyu ko uku daban-daban sun ƙi, to data na aiki, layi na aiki, wayar ma na aiki, mai fassara ne ya tsaya. Idan suna da lamba duka sun ƙi, matsalar ta hanya ce: data ta ƙare, ko ƙunshin da kuka saya na WhatsApp da Facebook ne kaɗai, ko sabis ya faɗi. Idan komai na buɗuwa sai shafi ɗaya, laifin yana wajen masu shafin.

Gwaji na uku: tambayi maƙwabci

Kafin a taɓa saiti, a san inda cutar take. Ku nemi wani mai layi irin naku, a wuri ɗaya da ku, ya gwada shafin a wayarsa. Idan tasa ta buɗe taku ta ƙi, abin a cikin wayarku yake. Idan duk waɗanda ke kan waifai ɗaya suna kuka iri ɗaya, amma da an koma datar waya shafi ya buɗu, akwatin waifai ne. Idan duk masu layin kamfani ɗaya ne abin ya shafa, to daga kamfanin yake.

Idan a cikin wayarku yake

A bi waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya, kuma bayan kowanne a sake gwada shafin. Kada a canza abu biyu a tare, don a san wanda ya yi magani.

1. Ku kunna alamar jirgin sama, ku ƙirga zuwa ashirin, ku kashe. Wannan yana sa wayar ta sake gaisawa da kamfanin layi, ta karɓi adireshin mai fassara sabo.

2. Ku dubi saman allo ko akwai alamar ɗan makulli ko rubutun `VPN`. Manhajojin da ake sa wa mutane da sunan "intanet kyauta" sukan karkatar da tambayoyin waya zuwa nasu mai fassara. Ranar da nasu ya mutu, sunaye su mutu. A kashe manhajar, in ba a bukatarta a cire ta.

3. Ku duba saitin da ake kira `Private DNS`. Wayoyin Android daga zubi na 9 zuwa sama duk suna da shi. Hanya mafi sauƙi a Tecno da Infinix da itel ita ce ku buɗe `Settings`, ku rubuta DNS a gurbin nema da ke sama. A Samsung yana ƙarƙashin `Connections`, sannan `More connection settings`. Wanda wayarsa ke Faransanci zai gan shi da sunan `DNS privé`.

A ciki akwai zaɓi uku: `Off`, da `Automatic`, da `Private DNS provider hostname`. Na ukun shi ne mai gurbin rubutu. Idan shi aka zaɓa, wayar ta ɗauki alkawarin ba za ta tambayi kowa ba sai wanda aka rubuta a gurbin. In ya daina aiki, ko waifan da kuke kai ya toshe ƙofar da ake bi zuwa wajensa, wayar ba ta komawa ga na kamfanin layi. Takan tsaya cik, wani lokaci ta nuna saƙon `Private DNS server cannot be accessed`. Maganin shi ne a mayar da zaɓin kan `Automatic`, a danna `Save`. In bai yi ba, a gwada `Off`.

4. Ku duba kwanan wata da agogon wayar. Wayar da batirinta ya mutu kwana da kwanaki tana iya farkawa da shekarar da ta wuce. Da agogo marar daidai, ba ta yarda da shaidar tsaro ta mai fassaran da aka rubuta da hannu, ta shafuka ma haka. A sa agogon ya riƙa ɗaukar lokaci daga layi da kansa.

Ko ɗaya daga cikin matakan nan huɗu ba ya share hoto ko lamba ko saƙo.

Mu bi misali ɗaya daga farko zuwa ƙarshe

A ce wata uwa tana zaune da 'ya'yanta a Zangon Tamale. Ta sayi Tecno ta hannu a wajen kasuwar Aboabo, ta yi wata uku tana amfani da ita lafiya. Wata safiya tana son duba bayanin sabunta takarda a `help.unhcr.org`, shafin ya ƙi. Ta duba, akwai saura a datar sidi 10 da ta saya jiya. Saƙon murya da ta tura wa ƙanwarta da asuba ya tafi, amma yanzu hotuna sun daina sauka.

Ɗanta mai zuwa makaranta ya karanta ƙaramin layin da ke ƙasa, ya ga `ERR_NAME_NOT_RESOLVED`. Ya gwada `google.com`, shi ma ya ƙi, da saƙo iri ɗaya. To ba kuskuren harafi ba ne, kuma ba shafi ɗaya ba ne. Ya rubuta adireshin lambar nan, nan take layuka suka fito, har da `loc=GH`. A nan ya san abu biyu: data ba ta ƙare ba, kuma wayar ba ta lalace ba. Sayen wata data ba zai ƙara komai ba.

Ya leƙa ɗakin maƙwabciya mai layin MTN kamar nasu. Tata wayar ta buɗe shafin ba gardama. Saura wuri ɗaya ke nan, cikin wayar uwar. Alamar jirgin sama ba ta canza komai ba, babu kuma ɗan makulli a saman allo. Da ya nemi `Private DNS`, sai ya tarar an zaɓi na uku, kuma a gurbin akwai wani suna da ba wanda ya sani a gidan. Mai wayar na farko ne ya sa shi, wataƙila don toshe tallace-tallace, kuma na'urar da ke bayan sunan ta daina amsawa. Ya mayar kan `Automatic`, ya danna `Save`, ya sake buɗe shafin, ya buɗu.

Ku lura da tsarin da yaron ya bi. Bai fara da canza saiti ba. Ya fara da tambayoyi uku: me wayar ta rubuta, lamba ta amsa, ta maƙwabci tana aiki? Kowace amsa ta rage wuraren da cutar za ta iya ɓuya. Da an kai wayar an yi mata filashin, ita ma da ta warke, tunda filashin yana goge saitin nan. Amma da ya tafi da hotunan takardun iyali duka, a kan abin da danna biyu ke gyarawa.

Idan akwatin waifai ne

A wuraren da jama'a ke taruwa kan waifai ɗaya, kamar cibiyar al'umma ko ajin kwamfuta, abin yakan faru bayan an ɗauke wuta an dawo da ita. Akwatin ya farka, wayoyi sun haɗu da shi, alamar waifai a cike, amma ɓangarensa mai miƙa tambayoyi bai tashi daidai ba. Kowa yana ganin an haɗu, ba mai iya buɗe suna.

Wannan aikin mai kula da wurin ne. Ya cire akwatin daga wuta, ya jira rabin minti, ya mayar, ya ba shi kamar minti uku. Idan akwai kwamfuta mai Windows, ya buɗe `cmd` ya rubuta waɗannan, ɗaya bayan ɗaya:

```
ping 8.8.8.8
nslookup unhcr.org
nslookup unhcr.org 8.8.8.8
```

Layi na farko yana tambaya ko hanya a buɗe take. In ta buɗe za a ga `Reply from 8.8.8.8`. Na biyu yana tambayar mai fassaran da akwatin ya bayar. Na uku yana yin tambaya iri ɗaya, amma ga mai fassara na Google. Idan na biyu ya ce `DNS request timed out` alhali na uku ya kawo lamba, an kama mai laifi. Sai mai kula ya shiga saitin akwatin, ta adireshin da aka rubuta a jikinsa, ya sa 8.8.8.8 a gurbin DNS na farko, 1.1.1.1 a na biyu. An so su zama na kamfanoni biyu daban, don kada su faɗi rana ɗaya. Bayan haka, a kwamfutar ya rubuta `ipconfig /flushdns` don ta manta tsofaffin amsoshi, wayoyi kuma su yanke waifai su sake haɗawa.

Muna ba da shawarar a gyara a akwatin, sau ɗaya domin kowa. Ana iya sa lambobin a cikin kowace waya ta hanyar mayar da `IP settings` daga `DHCP` zuwa `Static`, amma wanda bai saba ba yana iya ba wayarsa lambar da wata ke amfani da ita, duka biyun su rasa intanet.

Idan na kamfanin layi ne

Idan mai fassaran kamfani yana amsawa wani lokaci yana ƙi wani lokaci, za ku iya zaɓar na uku a `Private DNS` ku rubuta `dns.google` ko `one.one.one.one`. Gurbin suna yake karɓa, ba ya karɓar lamba. A nan kuma iyakar dabarar take. Kafin wayar ta isa ga sabon mai fassara, dole tsohon ya gaya mata lambarsa ko sau ɗaya. Idan tsohon ya mutu murus, dabarar na iya ƙin aiki. To sai a koma ɗaya sim ɗin in akwai, ko waifai, ko a yi haƙuri kamfanin ya gyara. Kuma duk wanda ya rubuta suna a gurbin nan, ya tuna ya rubuta. Ranar da shafuka suka sake ƙin buɗuwa, nan zai fara dubawa.

A irin wannan rana kira da saƙon tes suna nan daram. Kuɗin waya ta hanyar buga lamba, kamar `*170#` na MTN, shi ma ba ya bi ta DNS. Manhajar kuɗin ce kawai ke iya tsayawa.

Ranaku uku da suka koya mana bambanci

Ranar Litinin 4 ga Oktoba, 2021, wajen ƙarfe huɗu saura na yamma agogon Ghana, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke a duniya baki ɗaya, kusan awa shida. Wani kuskure a cikin kamfanin ne ya sa na'urorin da ke riƙe da sunayensa suka ɓace daga hanya, ba mai fassaran da ya iya samo lambarsu. Sauran shafuka suna buɗuwa. Wannan cutar suna ce, amma a gidan mai shafi. Babu saitin da mai waya zai taɓa ya gyara ta.

Ranar Alhamis 14 ga Maris, 2024, a farkon azumi, manyan wayoyin intanet huɗu da ke ƙarƙashin teku a gaɓar Afirka ta Yamma suka samu matsala: WACS, da MainOne, da SAT-3, da ACE. Intanet ta durƙushe a Ghana da maƙwabtanta, kuma hukumar sadarwa ta ƙasa, NCA, ta ce cikakken gyara zai ɗauki aƙalla mako biyar. A wannan karon hanyar ce ta yanke. Canza mai fassara ba ya ɗinke wayar da ke ƙarƙashin teku.

Ranar Litinin 14 ga Yuli, 2025, wajen ƙarfe goma na dare, ita kanta lambar 1.1.1.1 ta ɗauke na kimanin awa ɗaya saboda kuskuren saiti a Cloudflare. Waɗanda suka ɗora na'urorinsu a kanta ita kaɗai suka rasa sunaye, alhali layinsu lafiya. Darasin da ke ciki biyu ne. Na farko, kada a dogara da mai fassara ɗaya a akwatin waifai. Na biyu, idan gwajinmu na lamba ya ƙi, kada a yanke hukunci nan take, a gwada `https://8.8.8.8` tukuna. In ta amsa, ko ta rikiɗe ta zama `dns.google` a saman allo, hanya a buɗe take.

Me ya sa ba za mu riƙa buɗe shafuka da lamba kawai ba?

Tambaya ce da ke zuwa a ran kowa. Amsar ita ce, lamba ɗaya takan ɗauki shafuka masu yawa, kamar gidan haya mai ƙofa ɗaya da ɗakuna da yawa. In kun iso ƙofa ba ku faɗi sunan wanda kuke nema ba, ba wanda zai fito. Ban da haka, shaidar tsaro ta yawancin shafuka da suna aka ba da ita, ba da lamba ba. Saboda haka lambar nan ta gwaji ce kawai, don a san ko hanya a buɗe take.

Gargaɗi: mai fassara yana iya yin ƙarya

Duk wanda wayarku ke tambaya yana sanin sunayen shafukan da kuke nema, kuma yana iya ba ta lambar da ba ita ba. Mugun mai fassara zai iya kai ku wani shafi da aka zana shi kamar na banki ko na wata hukuma, a nemi lambar sirri ko lambar rajista. Don haka kada ku bar kowa ya rubuta muku sunan da ba ku sani ba a `Private DNS`, ko da ya ce zai ƙara sauri ko zai ba ku data kyauta. Mai fassara ba ya ƙara data. Idan kun bar waya a wajen caji ko wajen gyara, ku leƙa saitin idan ta dawo.

Idan Chrome ya nuna `Your connection is not private` a shafin da kuka saba buɗewa, kada ku danna don a wuce. Ku duba agogon waya da saitin DNS tukuna. Ku kuma tuna cewa hidimomin Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya kyauta ne. Shafin da ya nemi kuɗi da sunanta don rajista ko tafiya wata ƙasa na 'yan damfara ne.

A taƙaice, don a yanke a ajiye

Karanta ƙaramin layin da ke ƙasa. Gwada suna na biyu. Buga lamba. Tambayi maƙwabci. Idan lamba ta amsa suna ya ƙi: alamar jirgin sama, sannan `VPN`, sannan `Private DNS` zuwa `Automatic`, sannan agogo. Kada a ƙara data, kada a yarda da filashin, sai an gama waɗannan. In kuwa dole sai an kai wa mai gyara, a fara tura hotunan takardu zuwa wayar wani amintacce a gida, a kuma rubuta muhimman lambobi a takarda.

Tambayoyin bita, a yi su tare da yara

1. Wayar Baba ta ƙi buɗe suna, ta kuma ƙi buɗe lambobin nan biyu, amma WhatsApp yana aiki sosai tun safe. Wane irin ƙunshin data ake zaton ya saya?

2. A cibiya, wayoyi goma a kan waifai sun ƙi buɗe suna, amma da an koma datar waya komai na buɗuwa. Ina cutar take, kuma wa ya kamata ya gyara?

3. Duk shafuka na buɗuwa sai ɗaya, a wayarku da ta maƙwabci. Akwai abin da za ku canza a saiti?

Wanda ya bi matakan bai samu sa'a ba, ya ɗauki hoton saƙon da wayar ta nuna, ko ya kwafe shi a takarda, ya kawo teburin taimako tare da wayar. Ya faɗa mana layin da yake amfani da shi, da ko lamba ta amsa. Da waɗannan biyun aikin zai yi sauri. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya sada kowa da danginsa cikin alheri.